Rangwamen Azumi: Ku Yi Sayayya Tun Ba a Ga Wata Ba

Assalamu alaikum jama'ar unguwa, iyaye mata da masu gida. Sha'aban ya raba tsakiya, azumi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Kantinku mai koren ƙofa, wanda ke daura da masallacin Juma'a, ya karya farashin kayan masarufi daga 20 ga Sha'aban har zuwa 10 ga Ramadan.

Kowa ya san yadda daren ganin wata yake. Da an yi sanarwa sai gari ya ɗauka, mai neman sukari na ture mai neman madara, yaro ya zo da kuɗi a dunƙule ya manta abin da aka aike shi. Mu ma a daren nan ba ma iya kula da kowa yadda muke so. Shi ya sa muka fara rangwamen da wuri, don ku zo a tsanake, ku duba, ku taɓa, ku zaɓa. Da sanyin safiya ake kama fara.

Shinkafa, buhu mai kilo 50 da mai kilo 25, mun cire kashi 10 cikin 100. Sukari ma haka, ko buhu ko awo. Man girki, jarka mai lita 25 da galan mai lita 5, an rage kashi 8 cikin 100, domin gaskiya ribar mai ba ta da yawa, iyakar abin da za mu iya ke nan ba tare da mun yi muku ƙarya ba. Taliya da makaroni, wanda ya ɗauki katan 3 za a ƙara masa leda 5 kyauta. Fulawa, gero, wake, madarar gari da ta gwangwani, ganyen shayi, tumatirin gwangwani, gishiri, kayan ƙamshi, sabulun wanke-wanke, kowanne da nasa ragin. Tsohon farashi na nan manne a jikin kanta kusa da sabo, ba mu cire shi ba. Ku lissafa da kanku.

Sai maganar dabino, don a nan muka fi zuba ƙarfi bana. Sunna ce a buɗe baki da dabino, in babu a sha ruwa, kuma ba ma son gidan da zai rasa ko ƙwara uku a faranti idan an kira magariba. Mun sauke iri huɗu. Akwai Ajwa ta Madina, baƙa, ƙanana, mai laushi, ita ce mafi tsada kuma ba mu ɗauko da yawa ba. Akwai Sukari na ƙasar Saudiyya, wanda sunansa ya gama bayaninsa, in ka sa a baki narkewa yake yi kamar zuma. Akwai Dagila ta Aljeriya da Tunisiya, doguwa, mai ruwan zuma, zaƙinta daidai wa daida. Sannan busasshen dabino mai ƙwari, wanda ba ya lalacewa da wuri, shi ya fi dacewa da mai son kaiwa masallaci ko rabawa a hanya. In kun tambaye ni, gida mai yara da yawa ya ɗauki busasshen, ya ƙara ɗan Sukari don tsofaffin da haƙori ya yi musu rauni. Mai laushin nan yana son wuri mai sanyi, kada a bar shi a buɗe kusa da murhu. Duk wanda ya shigo zai ɗanɗana kafin ya saya, amma fa kafin azumi ya kama, bayan nan sai dai a duba da ido!

Wanda sayayyarsa ta kai buhu ɗaya da jarka ɗaya, rabin kilo na dabino kyauta ne daga gare mu.

Sikelinmu a kan teburi yake, fuskarsa na kallon mai saye. In an auna maka sukari kilo 2, ka karanta lambar da idonka. Mudunmu ba a buge masa gindi ba, kuma a cike muke ba da shi har da tozo. Allah Ya saukar da sura guda a kan masu tauye awo, Suratul Muɗaffifin, to ina amfanin mutum ya wuni da ƙishirwa yana kuma cin haƙƙin maƙwabcinsa a bakin mudu? Kayan gwangwani kuwa, ku juya gindin ku duba ranar ƙarewar wa'adi. Wanda ya kai gida ya tarar da gwangwani ya kumbura ko fulawa da ƙwari, ya dawo da shi tare da rasit, a canza masa nan take, babu dogon zance.

Bara mun ji kunya, ba za mu ɓoye ba. Ranar uku ga azumi sukari ya ƙare mana ƙarƙaf, motar da muka sa rai ba ta iso ba sai bayan kwana huɗu. Wata baiwar Allah ta zo da la'asar sakaliya da roba a hannu, muka ce babu, ta tsaya shiru tana kallon kantar, ta juya. Har yau abin bai bar raina ba. Bana sito a cike yake tun kafin mu buga wannan takarda. Duk da haka mun sa iyaka: buhun sukari 2 ga mutum ɗaya a rana, don rangwamen na masu dafawa a gida ne, ba na masu kwasa su ɓoye ba.

Masu ciyarwa, ga naku. Mun haɗa kwali na musamman da ke ɗauke da shinkafa kilo 5, sukari kilo 2, man girki lita 1, taliya leda 4, madara, ganyen shayi da dabino, a ɗaure tsaf. Ka biya, ka gaya mana gidan da za a kai, yaranmu su sauke a ƙofa. In ba ka son a faɗi sunanka, ba wanda zai ji daga bakinmu. Masallatai da ƙungiyoyin da za su ɗauki kwali 20 zuwa sama, su zo mu zauna, akwai ƙarin sauƙi.

Rangwamen zai rufe 10 ga wata, amma hatsin zakkar fidda kai zai dawo farashin rangwame daga 25 ga Ramadan har daren Sallah. Sa'i ɗaya ne a kan kowane mutum, wato mudun Annabi huɗu, daga abincin da aka fi ci a gari, kuma a fitar kafin a fita sallar Idi. Muna da mudun a kanti. Ka faɗi yawan mutanen gidanka, har da jariri, a auna maka a gabanka.

Kafin azumi muna buɗewa ƙarfe 8 na safe zuwa 10 na dare. Da an kama azumi, daga 9 na safe ne zuwa rabin awa kafin magariba, mu ma mu je mu sha ruwa, sannan mu sake buɗewa bayan sallar asham har 11 na dare. Ana karɓar tsabar kuɗi, kati, ko turawa ta waya. Hajiyoyin da ba su samun fita, a rubuto abin da ake so a takarda a ba yaro, mu haɗa mu kawo har gida a cikin unguwa, ba kuɗin dako. Bashi kuwa, a yi mana afuwa a kwanakin rangwame.

Koren ƙofa, daura da masallacin Juma'a, za ku ga buhuna jere a waje. Allah Ya nuna mana watan lafiya, Ya karɓi ibadunmu. Sai kun zo.