Koke kan shafin duba sakamako da ya ƙi buɗewa

Zuwa ga Shugaban Sashen Kwamfuta da Sadarwa na Jami'a,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in sanar da ku cewa shafin duba sakamakon jarrabawa ya daina buɗewa tun daren Lahadi. Babban shafin jami'a da na biyan kuɗin makaranta suna aiki lafiya lau, na sakamako ne kaɗai ya tsaya, ko gurbin sa lambar rajista da kalmar sirri ba a kaiwa.

Na gwada da Chrome da Firefox da Edge a kwamfutata, na kuma ari wayar ƙawata na gwada da Safari, duk kanwar ja ce. Na goge tarihin burauza, na sauya daga intanet ɗin ɗakin karatu zuwa datar waya, na duba agogo da kwanan watan kwamfutar na ga daidai suke. Ga abin da Chrome da Edge ke nunawa a layin farko, Firefox kuma a na biyu:

```
NET::ERR_CERT_DATE_INVALID
SEC_ERROR_EXPIRED_CERTIFICATE
```

Da na buɗe bayanin satifiket ɗin tsaro na shafin, sai na ga wa'adinsa ya ƙare ranar Lahadin nan da ƙarfe 11:59 na dare. A iya fahimtata, shi ya sa kowace burauza ke juya baya: dukkansu suna duba wa'adin satifiket kafin su yarda su haɗa mutum da shafi. A Chrome ma, ko an danna Advanced babu hanyar wucewa, sai bayanin cewa shafin yana amfani da HSTS. Ke nan gyaran yana hannunku, ɗalibi ba shi da abin yi daga nasa ɓangaren.

Abin da ya sa na matsu shi ne ranar Juma'a za a rufe rajistar kwasa-kwasai, kuma sai mutum ya ga sakamakonsa zai san ko akwai kwas ɗin da zai maimaita. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Wani adireshi ya fara yawo a zauren ajinmu, wai "sabon shafin sakamako", alhali ƙarshensa bai yi kama da adireshin jami'a ba, kuma na ga masu zuba kalmar sirrinsu a ciki saboda zumuɗi.

Ina roƙon a sabunta satifiket ɗin, a kuma fitar da sanarwa kan adireshin na bogi tun yau. Idan gyaran zai wuce Laraba, don Allah a yi magana da ofishin magatakarda a ɗaga ranar rufe rajista.

Na haɗo hotunan allon kowace burauza da na katin shaidata, lambar rajistata tana jiki.

Na gode.

Taku,
Ɗalibar aji uku, Sashen Lissafi