Zuwa ga Baba da Inna

Bradford, Ingila
8 ga Disamba, 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fata kuna lafiya, ku da kowa na gidanmu a Jekadafari. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, karatu kuma yana tafiya, alhamdu lillahi. Malam Sani da zai zo gida hutu shi na ba wa wannan takarda, domin akwai maganganun da idan na ji muryarku a waya ba na iya faɗinsu.

Yaya Hauwa ta gaya mini Inna ta ce na rame a hoton da na turo, har ta kasa barci. Gaskiya ne na ɗan faɗa, amma ba ciwo ba ne. Sanyi ne da rashin rana. Yanzu gari ba ya wayewa sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu kuma an kira magariba. Azahar, la'asar da magariba duk a makaranta suke riskata, ina yin su a ɗakin sallar da aka ware mana. Sanyin nan ba irin hunturun Gombe ba ne da hantsi ke korarsa, jiƙaƙƙe ne, yana shiga ƙashi. Watan jiya na ga dusar ƙanƙara da idona, na fita ba safar hannu, yatsuna suka ƙage har na kasa murɗa makullin ƙofa. Da kasala ta yi mini yawa na je wurin likita, ya ce ƙarancin hasken rana ne, ya sa ni shan ƙwayar bitamin. Ban biya komai ba don ganinsa, kuɗin lafiyar da aka biya tare da biza ya ɗauke wannan. Na ji sauƙi sosai.

Abin da ya fi sanyin nauyi shi ne kaɗaici. Mu huɗu ne a gidan, kowa ya shigo sai ya rufe ɗakinsa. Sai in kwana in wuni ba wanda ya ce mini ina kwana. Ran nan bayan isha na tuna yadda muke zama a zaure ana ta hira, Baba na sauraron rediyo, sai na ji hawaye. Amma Allah bai bar ni haka ba. Garin nan cike yake da Musulmi, yawancinsu 'yan asalin Pakistan, ga masallatai, ga naman halal a ko'ina. Akwai kuma 'yan gida, har da wani magidanci ɗan Azare da ke tara mu duk Juma'a, matarsa ta tuƙa mana tuwon shinkafa.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na ji Baba yana shirin sayar da gonar hanyar Dadin Kowa don ya turo mini kuɗi. Don Allah Baba, a bar gonar nan. Fam ɗaya yanzu yana neman naira 2,000, ni kuwa hayar ɗakina kaɗai fam 420 ce a wata. Kuɗin gonar gaba ɗaya ba zai kai ni ƙarshen karatu ba, sai a wayi gari ba gona ba kuɗi, ga su Aminu suna tasowa. Na samu aiki a wani sito, ina shirya kaya a kwali. Doka ta yarda ɗalibi irina ya yi awa 20 a mako lokacin karatu, ana biyan fam 11.44 a awa, kuma ba na ƙetare dokar ko da minti ɗaya. Aikin tsayuwa ne, ina dawowa bayana na ciwo, wani lokacin ina gyangyaɗi a kan littafi. Amma yana biyan haya da abinci, har da ɗan abin hawa mota. Ragowar kuɗin makaranta kuma sun yarda in biya kashi-kashi. Idan abin ya fi ƙarfina, wallahi ni da bakina zan faɗa muku.

Idan Malam Sani zai dawo a watan Janairu, Inna ta taimaka mini da kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yajinta mai citta. Kada a sa kilishi ko man shanu, an hana shigo da nama da kayan madara, ƙwacewa za su yi a filin jirgi.

Ina da jarrabawa bayan hutu, a sa ni a addu'a. A gaishe da Kaka, da Kawu Bappa da iyalinsa, da Liman. A ce wa Aminu ya riƙe hadda da kyau, zan saurare shi ranar Asabar. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya sada mu da alheri.

Ɗanku,
Usman