Wasiƙar Neman Gwajin Rarraba Shara a Ɗorayi Ƙarama

Unguwar Ɗorayi Ƙarama,
Ƙaramar Hukumar Gwale,
Jihar Kano.
20 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Gwale,
Ta hannun Kansilan Mazaɓa.

Ranka ya daɗe,

SHAWARAR RARRABA SHARA TUN DAGA CIKIN GIDA: GWAJIN WATA UKU A GIDAJE 120

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗaliba ce 'yar aji uku a Jami'ar Bayero, ina karanta ilimin kula da muhalli, kuma 'yar wannan unguwa. Na rubuto ne don neman izini da tallafin majalisarku mu gwada rarraba shara a layuka huɗu, gidaje 30 a kowane layi, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Abin da ke lalata sharar gidajenmu shi ne haɗa jiƙa da busasshe. Robar lemo idan da tsabtarta kuɗi ce, ɓawon doya da ragowar ganye taki ne. Amma da zarar an zuba su a kwando ɗaya, aka ɗora toka da famfas ɗin yaro a kai, babu mai saye kuma babu manomin da zai karɓa, sai dai mota ta kwashe ko a cinna wuta. Don haka a gida ya kamata a raba, tun kafin yaro ya ɗauka ya nufi bola.

Kowane gida zai ware mazubi uku. Na farko bokiti mai murfi, mai cin lita 20, na abin da ke ruɓewa: ɓawon kayan miya, ruɓaɓɓen tumatir, ganye, kashin awaki da na kaji. Ragowar tuwo da dusa da ake ba dabbobi ba ma nemansu, a ci gaba da ba su. Na biyu tsohon buhun shinkafa, a rataye shi a ƙusa inda ruwan wanke-wanke ba ya kaiwa, na ledar fiya wata, robobi, gwangwanaye da kwali. Na uku tsohuwar garwa ko daron ƙarfe na toka da ƙasar da tsintsiya ke tarowa. Abin da bai shiga ukun nan ba, kamar famfas da ƙunzugu, a ɗaure a leda a jefa a duron layi.

Toka tana bukatar a tsaya a kanta. A gidajen da ake girki da itace ko gawayi, ita da ƙasar shara su ne suka fi komai nauyi, su ke saurin cika kura. Sau da yawa kuma ana kwashe ta da sauran garwashi a ciki, shi ya sa bola ke kamawa da wuta ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba. Dole mazubinta ya zama na ƙarfe, kuma ta kwana ta huce kafin a fitar. Idan ta fito ba leda ba kwalba, manoman bayan gari za su ɗauka, don tun zamanin jaki da mangala ake kai takin birni gonakin karkarar Kano. Leda ce ta sa manomi ya fara ɗari-ɗari da shi.

Batir, allura, reza da fasasshiyar kwalba kada su shiga buhu, don da hannu ake tsince shi. A jefa su a jarka mai murfi da za a ajiye a zauren mai unguwa, jami'an lafiya su riƙa karɓa.

Kwasa kuwa, matasa huɗu da kura biyu sun isa. Bokitin ruɓaɓɓe kwana bibbiyu, tsakanin bakwai da tara na safe, domin idan ya wuce haka zai yi tsutsa da wari, uwargida ta daina. Buhu da toka ranar Asabar kawai.

Wurin tarawa fili ne mai kamar ƙafa 30 a ƙafa 50, da rumfar kwano, nesa da rijiya da magudanar ruwa. A nan za a yi takin. A shimfiɗa kara ko busasshen ganye kaurin taƙi guda, a zuba ruɓaɓɓe, a bi da kashin dabbobi, a yayyafa ruwa, a maimaita har tsibin ya kai ƙirjin mutum, sannan a lulluɓe da buhuna. A juya shi duk mako biyu. Gwajin laima mai sauƙi ne: a damƙi takin a matse, idan ya dunƙule bai ɗiga ba, daidai ne. Idan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga, sai a ƙara busasshen ganye a juya. Idan an soka hannu an ji sanyi kuma komai na nan yadda aka zuba, hunturu ya busar da shi, yana son ruwa. Toka 'yar barbaɗe kawai za a sa, yawanta yana kore sinadarin da ke sa ganye kore. Cikin mako takwas zuwa sha biyu zai yi baƙi, ya koma ƙamshin ƙasar damina.

Robobi ma ba kuɗinsu ɗaya ba. Robar ruwa da ta lemo, mai lamba 1 a gindi, daban. Jarka da robar man shafawa mai lamba 2 daban. Ledar fiya wata daban, a tsage ta a shanya ta bushe, don dillali yana rage kuɗin jiƙaƙƙen kaya. Masu saye suna nan, daga dillalan gwangwan har masu niƙa roba a Sharaɗa. 'Yan jari-bola da ke zagaya layukan nan kada a ture su gefe. A ganina su ya kamata a fara ɗauka aikin, sun fi kowa sanin kaya da farashi, kuma wanda aka toshe wa hanyar abinci shi zai riga kura zuwa ƙofar gida ya zazzage buhu.

Inda irin wannan shiri ya fi mutuwa wuri biyu ne. Na ɗaya, a yi taro da maza a ƙofar masallaci alhali mata ke shara, yara ke fitarwa. Muna da ɗalibai mata takwas da za su shiga gida-gida da izinin masu gida, su nuna da hannu, a kuma yi bayani a islamiyyun matan aure. Na biyu, mace ta wahala ta raba, sai ta leƙo ta ga an juye komai a kura ɗaya. Daga ranar ta gama. Saboda haka kurar ruɓaɓɓe daban, ta busasshe daban, kowace da fentinta.

Abin da muke roƙo daga majalisa:

1. Aron fili da rumfa na tsawon gwajin.
2. Kura biyu, bokitai 120, duro takwas na ƙarfe masu cin lita 200, sikelin rataye ɗaya, shebur da manjagara hurhuɗu, safar hannu, takalman roba da takunkumi.
3. Alawus na matasa huɗu na wata uku. Kuɗin roba da taki ba zai biya su ba da farko, bai kamata a yi musu alkawarin haka ba.
4. Duba-gari ɗaya da zai riƙa zagayawa duk mako.
5. Takarda zuwa ga hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, don a tsayar da ranar kwashe durorin layi, da wata zuwa ga dagaci da masu unguwanni.

Za mu auna kowane kashi da sikeli a rubuta a littafi, tare da cinikin da aka yi, mai unguwa da duba-gari su sa hannu. A ƙarshen Fabrairu za mu kawo wa majalisa kilo nawa aka sayar, nawa ya zama taki, nawa ya rage wa mota, ku duba ko a faɗaɗa ko a tsaya. Mun zaɓi rani ne don kaya su bushe, a kuma sami taki kafin sharar gona.

Muna so a ƙaddamar ranar Asabar 29 ga Nuwamba, ranar tsabtace muhalli ta ƙarshen wata, lokacin da jama'a ke gida. Idan an ba ni dama, zan zo gaban kwamitin lafiya da taswirar layukan da farashin kayan daga kasuwa.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya, ya taya riƙo.

Taka mai biyayya,
Sa'adatu Bello Ɗorayi