Littafin Mafarkaina: Ƙarshen Rajab da Bitar Wata

Asabar, 22 ga Rajab, bayan sallar Asuba. Na ga kaina a tsakar gidan mahaifinmu na Zariya, a bakin rijiyar da ke gindin darbejiya. Na zura guga, amma igiyar ta ƙare tun kafin ya taɓa ruwa, alhali ina hango ruwan garau. Yaya Sani yana zaune bakin zaure, bai juyo ba. Na farka ba tare da tsoro ba, sai dai zuciyata ta yi nauyi. Jiya ya kira ni kan gyaran katangar da damina ta rusa, na ce masa zan neme shi.

Juma'a, 28 ga Rajab. Na yi mummunan mafarki, na tofa ta hagu sau uku, na nemi tsarin Allah, na sauya gefen kwanciya kamar yadda sunna ta koyar. Ba zan rubuta abin da na gani ba.

Bitar wata. Da na karanta shafukan a jere, na tarar rijiyar nan ta fito a daren 3, da na 13, da na 22. Kowane karo abin da ya hana ni ɗiban ruwa daban ne: da farko murfin ya ƙi ɗaguwa, daga baya gugan ya huje, sannan igiya ta gaza. Ruwan kuwa bai taɓa ƙafewa ba, kuma wannan ne abin da ban lura da shi ba sai yau, domin a kowace safiya gazawar kaɗai nake tunawa.

Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Ina kyautata zaton wannan na ukun ne, saboda biyu daga cikin dararen sun biyo bayan maganar gida da Yaya, kuma tun rasuwar Baba nake jan ƙafa a kan duk abin da ya shafi gidan. Daren 13 bai shiga wannan lissafi ba, ranar ba mu yi magana ba, don haka ba zan tilasta masa ma'ana ba. Wataƙila ƙishirwar hunturu ce kawai.

Karen da ya bi ni a mafarki a makon da na yi zazzaɓi bai sake dawowa ba, na ajiye shi gefe.

Ban ɗauki rijiyar a matsayin labarin abin da zai faru ba, kuma ba zan kai ta wurin kowa ba sai malamin da ya san ni ya san halin gidanmu. Zan kira Yaya gobe mu tsayar da ranar gyaran katanga. A Sha'aban zan riƙa rubuta abin da na ci da lokacin da na kwanta a gefen kowane mafarki, in ga ko rijiyar za ta sake zuwa bayan an gama aikin.