Neman a Sake Ba Ni Takardar Shaidar SAISSCE Wadda Ambaliya Ta Lalata

Unguwar Gwange,
Maiduguri, Jihar Borno.
18 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Magatakarda,
Hukumar Nazarin Larabci da Addinin Musulunci ta Ƙasa, NBAIS,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

ROƘON A MUSANYA MINI TAKARDAR SHAIDAR JARRABAWAR SAISSCE TA 2016

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan hukuma, sunana Abdulkadir Umar Garba. Na rubuta jarrabawar SAISSCE a shekarar 2016 a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, wadda aka fi sani da SAS, da lambar jarrabawa 16204417. Na karɓi takardar shaidata da hannuna a makarantar, na sa hannu a rajista, kuma tana wurina tun daga lokacin har zuwa ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumbar bana. Abin da ya sa na rubuto shi ne in roƙi hukuma ta ba ni wata a madadinta, domin wadda ke hannuna yanzu ba ta nunuwa a gaban kowa.

Takardar ba ɓata ta yi ba. Tana nan, sai dai ruwa ya cinye ta, kuma ina ganin ya kamata in faɗi yadda abin ya faru dalla-dalla don kada a ɗauka sakaci ne ko wata dabara.

A daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga Satumba, 2024, a farkon watan Maulidi, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Gwange tana bakin kogin Ngadda, saboda haka muna cikin waɗanda ruwan ya fara cim ma. Dattawan unguwa sun sha ba mu labarin ambaliyar 1994, amma ni baƙo ne, aikin koyarwa ne ya kawo ni daga Kano, ban taɓa ganin irinta ba. Da na farka ruwa yana idon sawu. Kafin in ɗauki yara biyu, maiɗakina ta goya na ukun, ya kai gwiwa. Mun fita da kayan da ke jikinmu da waya ɗaya. Takarduna duk suna cikin akwatin ƙarfe a kan durowa, inda na ɗauka ko ruwa ya shigo ba zai kai can ba. Ya kai, har ya wuce. Alamarsa tana nan a bango, sama da tagar ɗakin.

Mun yi kwana goma sha ɗaya a sansanin Bakassi kafin a iya shiga layinmu. Na tarar durowar ta kife, akwatin yana cikin laka, murfinsa a rufe amma cike yake da ruwa. Littattafan da na taso da su tun ina aji ɗaya a SAS sun zama curi guda, ba a maganarsu.

Ga halin da takardar shaidar take ciki a yau. Shekarun baya na kai an manna mata leda don kada ta tsufa, ashe ledar ce za ta ƙarasa ta. Ruwa ya shiga ta gefen da ya ɗan buɗe, ya kwanta a ciki, ya rasa hanyar fita. Na shanya ta a inuwa kwana huɗu ba ta bushe ba. Da na yi ƙoƙarin ɗaye ledar, sai ta taso da rubutun, na bari a nan. Wannan kuskure nawa ne, ba na ɗora shi a kan kowa. Abin da ake iya karantawa yanzu shi ne sunan hukuma a sama, da sunana na farko, da shekarar 2016, da lambobi huɗu na ƙarshe na lambar jarrabawata, wato 4417. Wurin darussa da sakamako ya dame, Larabci da Hausa kaɗai ake ganewa, su ma sai an ɗaga takardar an haska. Hatimi da sa hannu sun tafi gaba ɗaya. Kusurwar ƙasa ta dama ta yage, kuma takardar tana warin rima har gobe.

Allah ya taimake ni da abu guda. A 2017, lokacin da nake neman shiga karatun NCE a Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci, na yi fotokwafin takardar sakamakona, guda ɗaya ta rage a gidanmu a Kano cikin kayan mahaifiyata. Ƙanena ya nemo ta ya aiko mini. Ta ɗan dushe, amma lambar jarrabawa ta fito cikakkiya, haka ma darussa tara da na rubuta, waɗanda na samu kiredit a bakwai daga cikinsu, har da Larabci da Nazarin Addinin Musulunci da Turanci da Lissafi. Da ita na dogara wajen rubuta lambar da ke sama, ba da ka na kawo ta ba.

Akwai wani abu da nake so in ja hankalin wanda zai duba rajista a kai. A takardunku sunana Abdulkadir ne, da harafin k. A katin shaidar ɗan ƙasa kuwa an rubuta Abdulqadir, da q, domin haka na furta wa mai shigar da bayanan, shi kuma ya bi lafazin Larabci. Mutum ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya, 3 ga Maris, 1997. Na ambaci wannan a takardar rantsuwar da na yi. Ba gyaran suna nake nema ba. A bar shi yadda yake a rajistarku, saboda haka yake a takardar NCE ɗina, kuma ba na so in warware wata matsala in ƙulla wata.

Dalilin gaggawar kuwa shi ne aiki. Makarantar Islamiyyar da nake koyarwa ita ma ruwa ya ci ta, fayil ɗina da ke ofishinta ya tafi tare da na sauran malamai, kuma har yanzu ba ta dawo daidai ba. Rabin ɗalibai ba su koma ba, iyayensu suna fama da gini da ciyarwa, albashi kuma daga kuɗin makaranta yake fitowa. Cikin ikon Allah wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Maiduguri ta kira ni ganawa don koyar da Larabci, na yi, sun nuna suna so. Sun sa ranar Litinin, 13 ga Janairu, 2025, don tantance takardu na asali. Na nuna musu abin da ya rage na takardar, sun jajanta mini, amma suka ce ƙa'idarsu ba ta karɓar fotokwafi sai da takarda daga hukumar da ta bayar da shaidar. Ban ga laifinsu ba. Da ni ne a kujerar, da abin da zan faɗa ke nan, ganin yadda takardun jabu suka yi yawa, musamman a irin wannan lokaci da kowa zai iya cewa ruwa ya tafi da tasa.

Na san wasu hukumomin jarrabawa, kamar WAEC, ba sa buga takardar shaida ta asali sau biyu, sai dai su ba mutum takardar tabbatar da sakamako. Idan haka tsarinku yake, ba ni da ja. Abin da nake buƙata takarda ce mai hatimin hukuma da sa hannun wanda ya dace, wadda za ta nuna sunana da lambata da shekarar da darussan da sakamakonsu, kuma ta tsaya a matsayin ta farko a wurin aiki da wurin neman ƙarin karatu, don ina da niyyar neman digiri idan al'amura suka daidaita. Idan kuma shirya ta zai wuce ranar tantancewar, ina roƙon a taimaka mini da gajeriyar wasiƙa ta wucin gadi da ke tabbatar da cewa sakamakon yana cikin rajistarku, in miƙa ta kafin ɗayar ta fito.

Na haɗo wannan wasiƙa da takardar rantsuwa da na yi a Babbar Kotun Jiha da ke Maiduguri ranar 4 ga Nuwamba, da takardar rahoton 'yan sanda, da wasiƙar Bulaman unguwarmu wadda ta shaida cewa gidan da nake haya yana cikin waɗanda ruwa ya shanye. Akwai kuma fotokwafin sakamakon da na ambata, da na katin ɗan ƙasa, da hotunan fasfo guda huɗu, da hoton takardar da ta lalace gaba da baya. Ita kanta takardar ban saka ta a ambulan ba. Ta yi laushi sosai, ina tsoron ta ƙarasa rugurgujewa a hanya, kuma ita ce hujjar ƙarshe da ta rage mini. Duk ranar da kuka buƙace ta zan kawo ta da kaina in miƙa, domin na fahimci bai dace takarda biyu su kasance a hannun mutum ɗaya ba.

Game da kuɗi, a shirye nake in biya abin da hukuma ta ƙayyade. Ina roƙon a sanar da ni adadin da kuma yadda zan biya, ko ta Remita ne ko wata hanyar, don in samu rasit na hukuma. Tun bayan ambaliyar nan masu cewa za su fito wa mutum da takarda cikin kwana uku sun yi yawa a gari, biyu sun riga sun tare ni, ban ba kowa ko sisi ba. Haka nan ina so in san ko dole ne in zo Kaduna da kaina, ko akwai ofishinku mafi kusa da zan iya zuwa, ko kuma sai na bi ta makarantar da na rubuta jarrabawar a Kano ta rubuto muku. Daga Maiduguri zuwa Kaduna tafiyar yini ce cur, kuɗin mota kuma ba ƙarami ba ne a wurina yanzu, shi ya sa nake so idan na taso in taso da duk abin da ake buƙata a zuwa ɗaya.

Lambar wayata tana rubuce a bayan hotunan fasfo da kuma kan takardar rantsuwar. Waya ta fi saurin samuna, don har yanzu muna zaune a gidan wani abokin aiki kafin a gama gyaran ɗakinmu. Idan wasiƙa ce, a aiko ta hannun Bulaman, ya san inda nake.

Allah ya ƙara wa Magatakarda lafiya, ya taya shi riƙo. Na gode.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Abdulkadir Umar Garba
Lambar jarrabawa: 16204417, SAISSCE 2016