Gyaran rahoton rikicin gona na hanyar Kwangwalam, kafin labaran yamma

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Rahotonka ya iso mu nan Katsina, na kuma saurari muryoyin da ka naɗo. Ka je wurin da ƙafarka, ka ji ta bakin ɓangarorin biyu, ka tuntuɓi 'yan sanda, wannan aiki ya yi. Sai dai ba zan miƙa wa mai karanta labarai shi a yadda yake ba. Ga abin da ka turo daga Daura:

“Azzaluman makiyaya sun yi wa bayin Allah kisan mummuƙe

“Wasu miyagun Fulani marasa imani sun afka wa gonakin talakawa a wani ƙauye da ke kan hanyar Daura zuwa Kwangwalam da asubahin Talata, inda suka kora shanunsu da gangan suka yi kaca-kaca da wake da dawa a gonaki 3. Da manoman suka fito kare guminsu, sai 'yan ta'addan suka far musu, suka sari wani dattijo mai shekara 60 da adda a hannu ba tausayi. Wani makiyayi ma wai an rotsa masa kai da sanda. An garzaya da su asibiti a Daura. Jaruman 'yan sanda sun yi ram da mutum 4, ɓata-gari 2 da manoma 2 da tsautsayi ya rutsa da su. Manoman cikin kuka da takaici sun ce asararsu ta kai buhu 20. Ardon yankin ya yi borin kunya da cewa wai an cinye burtali da noma, kuma wai shanun kuɓuce wa yara suka yi. Dagaci ya kira zaman sulhu ranar Alhamis.”

Ga kuma yadda za a karanta shi:

“Mutum 2 sun ji rauni a rikicin manoma da makiyaya kusa da Daura

“Mutum 2 sun ji rauni a wani rikici tsakanin manoma da makiyaya a wani ƙauye da ke kan hanyar Daura zuwa Kwangwalam. Rikicin ya tashi ne da asubahin Talata, bayan shanu sun shiga gonaki 3 sun ci wake da dawa.

“An sari wani manomi mai shekara 60 da adda a hannu, an kuma fasa wa wani makiyayi kai da sanda. An kai su asibiti a Daura.

“Manoman sun ce da gangan aka kora shanun cikin gonakin, kuma makiyayan ne suka fara kai musu duka lokacin da suka fito hana ɓarnar. Sun ƙiyasta asararsu da buhu 20. Ardon yankin ya ce shanun kuɓuce wa yaran da ke kiwonsu suka yi, ya kuma ce an shigar da burtalin wurin cikin gonaki.

“'Yan sanda sun ce sun kama mutum 4, makiyaya 2 da manoma 2. Dagacin ƙauyen ya kira zaman sulhu ranar Alhamis.”

Ka ajiye su gefe da gefe ka duba. Rana, wuri, gonaki 3, wake da dawa, adda, sanda, shekarun dattijon, asibiti, buhu 20, mutum 4, zaman Alhamis, duk suna nan. Ban sassauta sara na ce “an taɓa lafiyarsa” ba, domin sara aka yi kuma da adda aka yi shi. Wanda ya ɓoye wannan don a zauna lafiya shi ma ya ci amanar mai sauraro.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne “da gangan”. Ba ka wurin da asubar nan, ni ma ba na wurin. Manoma sun ce da gangan ne, ardo ya ce kuɓucewa ce, kuma wannan saɓanin shi ne ainihin abin da dagaci zai zauna a kai ranar Alhamis. In muka faɗe shi da bakinmu, mun yanke hukunci tun kafin a shimfiɗa tabarma. Shi ya sa ban goge kalmar ba, na mayar da ita bakin masu ita. Haka batun wanda ya fara duka. A muryar da ka naɗo manoma ne suka faɗa, to da sunansu za ta fita.

Sai “wai”. Sau uku ka sa ta, kuma duk ukun a kan makiyaya suka faɗa. Ciwon dattijo ka ba da shi kai tsaye, na makiyayi ka rataya masa “wai”, alhali ka gaya mini a waya ka gan shi da bandeji a kansa a asibiti. Bahaushe in ya ji “wai” a rediyo ya san ana ce masa kada ya yarda. “Borin kunya” kuwa ƙaryata mutum ne tun bai rufe baki ba. “Ya ce” ta ishi ardo kamar yadda ta ishi manoma. Zancen burtali ma ba abin rainawa ba ne. Duk wanda ya san karkarar nan ya san ana yawan rigima kan hanyar dabbobi da gonaki suka matse, musamman yanzu da kaka, lokacin da wani ya cire amfaninsa wani bai cire ba.

“Miyagun Fulani” na cire gaba ɗaya, na bar “makiyaya”, domin sana'ar ce ta shafi labarin. Ƙa'idojin aikin jarida na Nijeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana ambaton ƙabilar mutum ko addininsa da sigar ƙasƙanci. Ko babu wannan ƙa'ida, ka tuna su wa ke sauraronmu. Ranar Lahadi mutanen ƙauyen nan da na rugagen kewaye za su haɗu a kasuwar Mai'adua, kuma mai tallan nono da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ita za ta fara jin nauyin kalmar. “'Yan ta'adda” ta fi wannan haɗari. A jihar da ta sha fama da 'yan bindiga, kiran mai faɗan gona da wannan suna zai sa mutane su ɗauka hari aka kawo, wasu su fara neman makami.

Waɗanda aka kama ka raba su biyu, wasu “ɓata-gari”, wasu “tsautsayi ya rutsa da su”. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har sai an tabbatar, kuma su huɗun ko kotu ba a kai su ba tukuna. “Jarumai” da “ram” ma sun tafi, kamu dai aka yi. Kanun kuwa dole ya canza, tunda babu wanda ya mutu, kuma mai sauraro da ya ji “kisa” a farko ba lallai ya jira “mummuƙe” ba.

Na san tausayin dattijon nan ne ya ɗebe ka, ni ma da na ji muryarsa sai da jikina ya yi sanyi. Za mu sa muryar tasa bayan sakin layi na uku, ta ardo ta biyo baya, tsawonsu ɗaya.

Kafin la'asar ka sake kiran manoman ka tambaye su buhu 20 ɗin nan na wake ne, na dawa ne, ko a haɗe. Ka kuma tambayi 'yan sanda ko mutanen huɗu na hannunsu har yanzu ko an ba da belinsu. Ranar Alhamis ka je zaman dagaci da wuri.

Ka gaida mutanen gida.