Jaje ga Mutumina Sani

Assalamu alaikum Malam Sani,

Ya gida, ya Maman Hauwa da yara? Ya kuma muka ji da wannan abu? Jiya bayan Isha'i ƙaninka Auwalu ya kira ni ya ce kamfaninku na roba da ke Sharaɗa ya rage ma'aikata, kuma sunanka na ciki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kira wayarka na ji ta a kashe, na san kuma dalili. Idan ba ka son magana yanzu, ba dole sai ka ba ni amsa ba.

Mutumina, abin da ciwo. Shekara 11 kana riƙe da makullin sito, ko buhu ɗaya bai taɓa salwanta a hannunka ba, a ce rana ɗaya an miƙo maka takarda a bakin ƙofa. Ga haya, ga kuɗin makarantar Hauwa da Abba, ga maganin Hajiya duk wata. Ba zan ce maka ba komai ba ne, don na san nauyin da ke kanka. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Da zuciya ɗaya nake wannan addu'a, amma na san kafin musanyar ta iso akwai cefanen gobe, kuma shi ne ke hana ka barci.

Abu guda nake roƙonka, kada ka zauna kana tuhumar kanka. Kai da bakinka ka sha gaya mini yadda injuna ke kwana a kashe saboda rashin wuta da tsadar man janareta, da yadda kuɗin kayan da ake shigowa da su ya tashi tun da Naira ta faɗi a 2023. Kowa ya san halin da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa ke ciki. Ba a kama ka da ha'inci ba, ba a ce ka gaza ba. Ka fito da mutuncinka, kuma duk wanda ya yi aiki tare da kai zai ba da shaida. Don haka kada ka daina fita masallaci ko majalisa saboda kunyar tambaya. Wanda ya tambaye ka, ka ce an yi ragi, ya isa.

Maman Hauwa kuma, idan ba ka zaunar da ita ba, ka zaunar da ita ka gaya mata yadda lissafin yake. Na san halinka na haɗiye abu. Ita ma tana ganin fuskarka, kuma shirun zai fi damun ta.

In hankalinka ya ɗan kwanta, akwai haƙƙinka da bai kamata ya bi ruwa ba. Ka adana takardar sallamar da takardar ɗaukarka aiki, kuma kada ka sa hannu a kan wata takardar da ke cewa an gama biyanka sai mun karanta ta tare. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya yi shekara 5 ko fiye ana ba shi sanarwar wata 1, ko a biya shi kuɗin watan. Sannan dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa, idan ya yi wata 4 bai samu wani aikin ba. Ka je ofishin masu riƙe maka fanshon su buga maka bayanin asusu, mu tabbatar an zuba duk abin da ake yanka a albashinka.

Na tura wa Auwalu ɗan abin da ya sawwaƙa, zai kai gida buhun shinkafa da mai. Don Allah kada ka mayar, kada kuma ka kira shi bashi. 'Ya'yana ne su ma.

Akwai wani maƙwabcin surukina da ke da sito a kasuwar Dawanau, na ji yana neman amintaccen mai riƙe masa lissafin shige da ficen kaya. Ban yi masa maganarka ba, sai ka yarda, kuma ba na yi maka alkawarin zai yiwu. In ba ka shirya ba tukuna, mu bar shi.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo motar safe daga Kawo, kafin Azahar ina Unguwa Uku. Ka ce wa Maman Hauwa kada ta wahalar da kanta da girki, zan taho da tsire. In ka ga dama mu yi maganar, in ba ka ga dama ba mu zauna kawai. Ka gaida Hajiya, ka ce ina nan tafe.

Naka,
Kabiru, Kaduna